Tsami Ne Ko Rauni? Zancen da Muke Yi Bayan An Koma Ɗaga Ƙarfe

Mu nan ƙauyukan da ke tsakanin Dambatta da Bichi, har zuwa Kunchi da Tsanyawa, ɗaga ƙarfenmu yana bin shekarar noma ne. Da ruwan shuka ya sauka a watan Yuni, kowa ya jingine ƙarfe ya ɗauki fartanya. Sai an yanke gero, an cire gyaɗa, dawa ta shiga rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sannan samari ke komawa kangon da aka ajiye kayan. Wurin namu ba irin gidajen motsa jiki na cikin birnin Kano ba ne masu injuna da madubai. Bututun ƙarfe ne aka cusa cikin gwangwanayen fenti da aka cika da kwaɓin siminti, sai benci na katako, sai reshen darbejiya da ake lilo a jikinsa. Haka kuma muke yi bayan azumi: wata guda ba a taɓa ƙarfe ba, sallah na wucewa a koma da zumuɗi.

Kwana biyu da komawar, sai ka gane su a masallaci. Wannan ya kasa ɗaga hannu sosai wajen kabbara, wancan yana dafa bango kafin ya tashi daga zaman tahiya. A majalisa kuwa amsar kowa ɗaya ce: jiki ne ya yi tsami. Maganin ma ɗaya muke ba juna: a koma a ƙara ɗagawa, wai abin da ya kawo tsami shi ke korarsa, in ya ƙi a shafa man zafi, in ya ƙi a je kemis a karɓo haɗi. A mafi yawan lokuta mun yi gaskiya, tsamin ne, kuma da kansa yake tafiya. Abin da ke damuna shi ne ɗan ragowar da ba tsami ba ne, wanda muke yi masa irin wannan magani har mu ƙara masa ɓarna.

A bana samari biyu ne suka sa zancen ya daɗe a bakinmu. Abokai ne, tare suka ajiye ƙarfe da farkon damina, tare suka koma ranar wata Litinin bayan la'asar. Na farkon, ɗan maƙwabcinmu, ya ɗauki sandar nan mai gwangwani biyu ya yi ta naɗe hannu don ƙwanji, sau goma goma har zagaye shida, sannan ya saɓa ta a kafaɗa ya yi tsugunno da tashi har cinyoyinsa suka fara rawa. A daren nan lafiya lau ya ci tuwonsa ya kwanta, gajiya kawai yake ji. Da asubar Talata hannuwa suka yi nauyi. Ranar Laraba abin ya kai maƙura: gwiwar hannu ba ta miƙewa sosai, sa riga ya zama aiki, in zai zauna a tabarma sai ya saki jiki ya faɗa. Hannu biyun duka ne, cinya biyun duka. Ranar Alhamis ya fara jin sauƙi, kafin Lahadi ya koma hawa kekensa kamar ba a yi ba.

Abokin nasa kuwa a kan benci abin ya same shi, a zagaye na uku, yana sauko da ƙarfe zuwa ƙirji. Ya ce ya ji wani abu ya yi ɗas a gaban kafaɗarsa ta dama, kamar an tsinke wani abu a ciki, nan take hannun ya saki, sai da na kusa suka ɗage masa ƙarfen. Da aka ce masa tsami ne, ya yarda. Kwana biyu bayan haka damtsensa ya yi baƙi-baƙi saboda jinin da ya kwanta, tudun naman da ke gaban hammata a ɓangaren dama ya lotsa, na hagu yana nan yadda yake.

Muna da wani ma'aikacin lafiya a unguwa, dattijo ne da ya yi shekaru yana aiki a asibitocin karkara, kowa Malam yake ce masa. Shi ya dubi yaron a majalisa ya tambaye shi: "Ɗana, yaushe ciwon ya fara? Kana cikin ɗagawa, ko sai da ka kwana?" Yaron ya ce yana cikin ɗagawa. Malam ya ce: "To wannan ba tsami ba ne. Tsami ba ya zuwa kana riƙe da ƙarfe, sai ka ajiye ka kwana yake sallama."

Wannan tambaya ita ce ta fi kowace amfani, kuma ba ta buƙatar asibiti. Tsamin da ke biyo bayan aikin da jiki bai saba ba yana da lokacinsa. Yakan fara ne kamar awa 12 zuwa 24 bayan an gama, ya fi tsanani tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, sannan ya riƙa raguwa, cikin kwana biyar zuwa bakwai ya tafi. Wanda ya ɗaga ranar Litinin ya ji Laraba ta fi Talata zafi, kada ya tsorata, haka abin yake tafiya. Rauni kuwa yana da sa'arsa: mai shi zai iya gaya maka a wane ɗagi ne, a wane zagaye, har da abin da ya ji. In mutum yana iya ba ka wannan labari dalla-dalla, ka daina ce masa tsami ne.

Wani ƙanenmu da ya yi sakandare a Bichi ya ce shi an koya musu cewa wani sinadari mai tsami ne ke taruwa a tsoka, shi ya sa ake cewa a koma a motsa don ya narke. Mutane da yawa sun riƙe wannan, har da masu horar da 'yan ƙwallo. Sinadarin gaskiya ne, yana taruwa lokacin da ake tsakiyar aiki mai tsanani, amma cikin kamar awa guda da hutawa jini ya kwashe shi, tun kafin ciwon ya fara. Tun a 1902 wani masani Ba'amurke, Theodore Hough, ya bayyana cewa wannan ciwo mai zuwa a makare daga 'yan ƙananan ɓarna ne a cikin tsokar kanta, binciken da ya biyo baya kuma ya ƙarfafa hakan. Tsoka kamar igiyar rama take, zare-zare ne da yawa a haɗe. In aka ja ta fiye da yadda ta saba, wasu 'yan zarurruka sukan ɗan tauye nan da can, igiyar kuwa tana nan da ƙarfinta, wannan shi ne tsami. In tufka guda ta tsinke, ko igiyar ta ɓalle daga inda aka ɗaure ta, wannan shi ne rauni. A tsami, jiki yakan turo ruwa da ƙwayoyin gyara zuwa wurin, wurin ya ɗan kumbura, jijiyoyin jin zafi su ƙara kaifi. Wannan aikin gyara yana ɗaukar lokaci kafin ya kankama, shi ya sa ciwon ke makara.

Abin da ya ba mu mamaki a bayanin Malam shi ne cewa saukewa ta fi ɗagawa kawo tsami. Lokacin da tsoka ke riƙe da nauyi tana kuma miƙewa, kamar sa'ad da kake sauko da sanda a hankali, ko kake tsugunnawa da kaya a kafaɗa, ko kake sauke buhun taki daga amalanke, a nan ne zarurrukan suka fi wahala. Duk wanda ya taɓa hawa dutsen Dala ya sauko ya san gangarowar ce ke kama cinya washegari. A wannan sa'ar ta saukewa ne kuma tsokar ƙirji ta fi yagewa a kan benci, kamar yadda ya faru da yaron nan.

Nan ne wani yayanmu ya yi gardama. Ya ce: "Malam, ai yaran nan ba zaune suke ba. Damina guda suna huɗa, suna noma, suna ɗaukar dami. Ina ƙarfin zai tafi?" Gardamar tana da ma'ana, kuma ita ce ke ruɗa mu. Ƙarfin yana nan, shi ya sa ma yaro ke iya ɗaga abin da ya bari wata biyar da suka wuce. Amma sabon da tsoka ke yi, na irin motsin da ta saba ne. Wanda ya yi wata biyar yana sunkuye da fartanya, bayansa da kafaɗunsa sun saba da fartanya, ƙirjinsa bai ga benci ba tun watan Yuni. Haka ma ɗan ɗaga ƙarfen da ya yi rani yana ɗagawa, ranar farko ta noman fari sai ƙugunsa ya riƙe. Abin daɗin shi ne sabon yana dawowa da wuri. Wanda ya sha tsami sau ɗaya, in ya maimaita irin aikin bayan mako guda ko biyu, ciwon da zai ji kaɗan ne, kuma wannan kariya takan ɗauki makonni. Ko aiki mai sauƙi aka fara da shi, yana ba da wani kaso na kariyar. Don haka ba dole ne sai an sha wahalar Laraba ba.

Bayan lokaci, sai wuri. Ka ce wa mai ciwo ya nuna maka inda ke masa zafi. Mai tsami da tafin hannu yake shafawa, ya bi tsokar gaba ɗaya, kuma galibi ɓangare biyu ne, tunda hannu biyu suka yi aikin. Mai rauni da yatsa ɗaya yake nunawa, a ɓangare ɗaya, sau da yawa kusa da gaɓa ko a kan ƙashi. Tsami a nama yake zama, ba ya shiga cikin gwiwa ko cikin kafaɗa. In gaɓa ce ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko ƙafa tana sakewa in an taka, to targaɗe ne ko abin da ya fi shi. Sannan a duba halin ciwon. Mai tsami in yana kwance shiru ba ya jin komai sosai, sai ya motsa ko an danna, kuma in ya yi tafiyar minti goma jiki ya yi ɗumi, sai ya ji ya saki. Mai rauni yana ƙara motsi ciwon na ƙara suka. Tsami yana rage ƙarfi, amma ba ya hana aiki ɗungum. Wanda ya kasa ɗaga buta da hannun da jiya ya ɗaga siminti, ko ya kasa taku huɗu a kan ƙafarsa, a kai shi a duba.

Baya ma haka ne. Riƙewar ƙugu ta ɓangare biyu bayan an sunkuya an ɗaga nauyi yawanci tsami ce. Amma ciwon da ke sauka daga ƙugu ya bi ƙafa ɗaya har ƙasan gwiwa, da jin dindiris ko mutuwar yatsu, wannan jijiya ce aka danne. In ya haɗa da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ba a kwana da shi a gida. Kullutun da ya fito a matsematsi bayan an yi nishi an ɗaga, yana fitowa in an yi tari yana komawa in an kwanta, ƙaba ce, babu man da zai mayar da ita.

Dalilin da ya sa nake nacewa a bambance shi ne maganin ɗaya yana cutar da ɗayan. Gashi da ruwan ɗumi da tausa mai sauƙi suna sa mai tsami ya ji daɗi, ko da yake ba sa rage kwanakin sosai. Tafiya, hawa keke a hankali, barci isasshe, ruwa, da abinci mai gina jiki irin su wake, gyaɗa, awara, ƙwai da nono, su ne abin da yake bukata. Amma tsokar da ta yage tana zubar da jini ne a ciki. In aka gasa ta, aka murza da man zafi, aka ja, ko aka kafa mata ƙaho a kwana biyu ukun farko, jinin da kumburin ƙaruwa suke yi. Abin da ya dace da ita a lokacin shi ne hutu, da sanyi: ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, in babu ƙanƙara a jiƙa tsumma da ruwan randa, a ɗaga wurin sama, a nemi asibiti. Yaron nan na benci sai da aka yi masa gashi da ja na kwanaki kafin maganar ta kai kunnen Malam. Masu ɗori namu mutane ne da muke girmamawa, amma wannan ba ƙashi ba ne, jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi ce ta ɓalle, ko hoton ƙashi na asibiti ba ya nuna ta, sai an yi sikanin. In ta ɓalle gaba ɗaya ɗinki take bukata, kuma ɗinkin ya fi kyau a makonnin farko, kafin tsokar ta ja da baya ta ƙanƙance. Irin wannan aiki a Asibitin Ƙashi na Dala ake neman masu yin sa, daga nan kuwa tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo. Can mahaifinsa ya kai shi.

Akwai abu na uku, kuma shi ne wanda Malam ya fi ɗaga murya a kansa, don kamarsa ɗaya da tsami a farko. Wani lokaci, in wanda ya daɗe bai yi ba ya yi aiki mai yawa fiye da kima, musamman irin gasar nan da muke yi ta wa zai fi yawan tsallen kwaɗo, ƙwayoyin tsoka sukan fashe da yawa, abin da ke cikinsu ya kwarara cikin jini ya je ya toshe ƙoda. Shi ma bayan kwana ɗaya zuwa uku yake bayyana, shi ma ɓangare biyu yake kamawa. Bambancin shi ne ciwon ya wuce misali, ko a kwance ba ya bari, tsokar ta kumbura ta yi tauri, jiki ya mutu, wani har da tashin zuciya da amai. Babbar alamar kuwa a fitsari take: ya koma kalar baƙin shayi, ko ya ragu ƙwarai. Fitsarin mai ƙishirwa rawaya ne mai duhu, in ya sha ruwa sai ya washe. Wannan kuwa ruwan ƙasa ne ko baƙi-baƙi, kuma shan kofi biyu ba ya washe shi.

Wani dattijo ya ce: "To Malam, ai yaranmu masu wanka a madatsar Tomas da ta Watari sun saba ganin jini a fitsari." Malam ya ce tsargiya daban take, jan jini ne da ke ɗigowa a ƙarshen fitsari, kuma ba ta jiran sai an ɗaga ƙarfe. Ita ma tana son magani, amma wannan na gaggawa ne. Wanda ya ga fitsarinsa ya yi baƙi bayan aikin ƙarfi, ranar zai tafi babban asibitin Dambatta ko na Bichi, ya faɗa musu abin da ya yi da ranar da ya yi. Za a gwada fitsari, a duba aikin ƙoda, inda akwai hali a yi gwajin jinin da ake rubutawa CK a takarda, wanda in ya ninka iyakarsa kamar sau biyar ko fiye yake tabbatar da abin. Maganinsa ƙarin ruwa ne mai yawa ta jijiya, kuma in an fara da wuri galibi ƙoda takan tsira. In aka makara, sai a dangana da wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zafin rana da ƙishirwa suna ƙara haɗarin, shi ya sa komawa ƙarfe a zafin Maris da Afrilu, ko ɗagawa da azumi a baki kafin a sha ruwa, ya fi na hunturu hatsari. Masu jinin AS, waɗanda ke da yawa a cikinmu, su ma haɗarinsu ya ɗan fi na sauran.

A nan ne haɗin kemis ke zama masifa. Cikin ƙwayoyin da ake ƙullowa a leda sau da yawa akwai dikulofenak ko ibufurofen, wani lokaci duka biyun. Waɗannan suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, to in ka ba wanda ƙodarsa ke fama da ƙishirwa da dattin tsoka, ka ƙara mata kaya. Tiramol kuwa rufe ciwon yake yi, yaro ya koma kan benci da tsokar da ta yage bai sani ba, ga kuma jarabar da ke biyo baya wadda duk mun ga abin da ta yi wa samari. In tsami ya hana barci, farasitamol ya isa: ƙwaya biyu masu miligiram 500 ga babba, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. In kuma ciwon jiki ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon kai, a yi gwajin maleriya, kada a ɗora wa ƙarfe laifi.

Da zancen ya zo kan yadda za a koma, sai muka tarar yawancinmu ba mu ma san nauyin abin da muke ɗagawa ba. Lita guda ta kankare tana kusan kilo biyu da rabi. Gwangwanin fenti mai lita huɗu in an cika shi yana kusan kilo goma, biyu da bututunsu sun haura kilo ashirin. Babban bokitin nan mai lita ashirin kuwa ɗaya kaɗai ya kusa buhun siminti, wato kilo hamsin. Wanda ya haɗa biyu a sanda ya kwanta a ƙarƙashinsu ranar da ya dawo, ya ɗora wa ƙirjinsa kusan kilo ɗari ne. A kai su kan sikelin masu sayen hatsi a kasuwa a auna, a rubuta da fenti a jikinsu, a kuma kwaɓa ƙanana don masu dawowa.

Shawarar da muka tsaya a kai ita ce wanda ya yi wata guda ko fiye bai ɗaga ba, ya fara da rabin abin da ya bari. Mai ɗaga kilo arba'in ya ɗauki ashirin, sau takwas zuwa goma, zagaye biyu kawai, ya ajiye yana jin zai iya ƙara uku ko huɗu. Ya fara da ɗan sassarfa da juya kafaɗu na minti biyar zuwa goma. Ya bar kwana biyu kafin ya sake taɓa wannan tsokar, in ta yi tsami sosai ya jira har ya iya miƙe ta ba tare da cije baki ba, ya yi aikin wani ɓangaren jikin kafin nan. A mako na biyu ya ƙara zagaye ɗaya, a na uku ya ƙara nauyi, zuwa mako na uku ko na huɗu yawanci ya kusa inda ya tsaya. Kada kowa ya kwanta a benci babu mai tsaya masa a kai.

Ku kuma manyan wurin, masu riƙe da makullin kango, ku ne yara ke kwaikwayo. In yaro ya zo muku da ciwo, ku tambaye shi yaushe ya fara, ku ce ya nuna wurin, ku tambaye shi kalar fitsarinsa ba tare da kunya ba. In ya wuce mako guda bai sauka ba, ko yana ƙaruwa bayan kwana na uku, ku karɓe ƙarfen daga hannunsa ku raka shi asibiti.